Yadda ake kauce wa kuskuren alama wajen lissafin pawar da ake sha da wadda ake bayarwa a da'irar lantarki

Duk wanda ya taɓa duba takardun ɗaliban lantarki na ajin farko ya san wannan amsar: lamba daidai, alama ba daidai ba. An ba ɗalibi batir ɗin da ke kan caji, an ce ya nemo pawarsa, ya yi lissafi mai kyau har ya samu wat 48, sannan ya rubuta cewa batir ɗin ne ke bayar da ita, alhali kuwa sha yake yi. Abin da ke damuna a irin wannan takarda shi ne ɗalibin ya iya lissafi. Ya san dokar Ohm, ya san dokokin Kirchhoff, abin da ya kayar da shi ɗan layi ne guda da ake ja a gaban lamba. A aiki na zahiri kuma wannan ɗan layin ne ke faɗa maka ko batir cika yake yi ko zubewa.

Ƙa'idar da ke tsare mutum daga wannan kuskure ita ce wadda ɗalibai ke kira ƙa'idar fasib, littattafan injiniya kuma kan taƙaita sunanta da PSC. Zan bi ta da kai mataki-mataki a kan da'ira guda ɗaya, ta caja da batir, mu ga ainihin wuraren da ƙafa ke zamewa.

Abin da ƙa'idar ta ce

Ɗauki kowane abu mai kai biyu a cikin da'ira: rizista, batir, kwan fitila, caja. A kan zane ana sa masa shaida iri biyu. Ta farko ita ce alamar + a kai ɗaya da alamar − a ɗayan, wato ta boltej. Ta biyu kibiya ce, wato ta karent. Ƙa'idar ta ce idan kibiyar ta shiga abin ta kan da ke da +, to pawar da abin ke sha ita ce

```
p = v × i
```

Idan kuwa kibiyar fita take yi ta kan da ke da +, pawar da abin ke sha ita ce

```
p = −(v × i)
```

Bayan ka sa lambobinka, idan p ta fito fulos, abin yana shan wuta. Idan ta fito mainos, bayarwa yake yi.

Dalilin hakan yana cikin ma'anar boltej. Bolt ɗaya yana nufin jul ɗaya na makamashi ga kowane kulom ɗaya na cajin lantarki. Cajin da ya shiga abu ta kan da ya fi boltej, ya fita ta kan da bai kai shi ba, ya sauko ke nan, kuma makamashin da ya rasa a cikin abin ya bar shi. Cajin da ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama kuwa ɗaga shi aka yi, abin ne ya biya kuɗin ɗagawar.

Akwai wani abu da ya kamata ya zauna a zuciya tun kafin a taɓa kalkuleta. Kibiyar da ka zana da alamomin + da − ba ikirari ba ne cewa haka wutar ke tafiya. Ma'auni ne da ka zaɓa don ka auna da shi. Ka tuna da ɗan kasuwar da ke da littafi mai shafi guda, an rubuta masa "kuɗin shiga" a sama. Ranar da ya ba da dubu biyar, ba zai canza sunan shafin ba, sai ya rubuta dubu biyar da alamar ragi a gabanta. Haka p take. Shafinta sunansa "abin da aka sha", kuma lambar da ta zo da mainos a wannan shafi fita ce.

Saboda haka mainos tana iya shigowa lissafinka ta ƙofa biyu, kuma ba su da alaƙa da juna. Ƙofa ta farko ita ce zane: ina kibiya ta nufa dangane da +? Wannan ne ke zaɓa maka ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyun can na sama. Ƙofa ta biyu ita ce lambobin kansu, domin v ko i na iya zuwa da tasu mainos ɗin. Kusan duk kuskuren da na sani a wannan fage daga cakuɗa ƙofofin nan biyu yake fitowa.

Da'irar da za mu yi aiki a kanta

Muna da caja mai bolt 14 da batir mai bolt 12. An haɗa kan + na cajar da kan + na batir ta cikin rizista mai om 0.5, wadda za ka iya ɗauka a matsayin jimillar turjiyar waya da ta cikin batir. An haɗa kawunan − ɗinsu biyu da waya kai tsaye. Na zaɓi lambobin ne don su yi sauƙin rabawa, amma ba su yi nisa da gaskiya ba, domin batir ɗin mota mai bolt 12 ana cajinsa ne a wajen bolt 14. A zana cajar a hagu, batir a dama, rizista a sama tsakaninsu, kan + na kowanne yana sama.

Mataki na 1: sa wa kowane abu shaidarsa kafin ka rubuta lissafi ko guda. Caja da batir sun zo da nasu + da − tun daga tambaya, kada ka taɓa su. Kibiyar karent kai za ka zaɓa. Bari mu ce ta tashi daga kan + na caja, ta bi ta rizista zuwa dama, ta gangara cikin batir, ta dawo ta wayar ƙasa. Rizista ba ta da + da − nata, kai za ka ba ta, kuma hikimar ita ce ka sa + a ƙafar da kibiya ke shiga, wato ta hagu. Da ka yi haka, dokar Ohm za ta zauna a siffar da ka saba, `v = i × R`.

Mutane da yawa ba su san cewa wannan siffar tana da sharaɗi ba. `v = i × R` gaskiya ce kawai idan kibiya ta shiga ta ƙafar +. Idan tambaya ta zo da nata zanen, an sa + a ƙafar da kibiya ke fita, to dokar ta koma `v = −i × R`. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tarkon, kuma yana kama mutane.

Mataki na 2: nemo karent ɗin. Ka zagaya da'irar ta inda kibiya ta nuna. A caja ka hau bolt 14, a rizista ka sauka da 0.5 × i, a batir ka sauka da bolt 12:

```
14 − 0.5i − 12 = 0
i = 4 A
```

Boltej ɗin rizista ya zama 4 × 0.5, wato bolt 2.

Mataki na 3: tsaya a kan kowane abu shi kaɗai, ka yi tambaya ɗaya. Kibiyar nan, shiga take ta + ko fita? A wannan matakin ka rufe lambobin da hannu, zane kawai za ka kalla. A caja, kibiya fita take ta +, saboda haka ƙa'idarta mai mainos ce. A rizista shiga take ta +. A batir ma shiga take ta +. Ka rubuta wannan hukunci kusa da kowanne.

Nan ne kuskure na farko yake. Ɗalibi zai ga karent guda ne ke zagaya da'irar duka, sai ya ɗauka ƙa'ida guda ce za ta yi wa kowa aiki, ya ninka boltej da karent sau uku ya samu fulos uku. Karent ɗin guda ne, gaskiya, amma yadda ya haɗu da kowane abu daban ne: ya fito daga + na wani, ya shiga + na wani.

Akwai kuma wani ɗan zamewa da ke faruwa idan an zana kibiyar a wayar ƙasa, kusa da kan −. Kibiyar da ke fita daga kan − na batir ita ce dai wadda ta shiga ta kan +, domin abin da ya shiga ta kai ɗaya dole ya fita ta ɗayan. Ido kan ga "fita" sai hannu ya yi saurin sa mainos. Maganinsa shi ne ka bi kibiyar da yatsa ta cikin abin har ka isa kan +, a can za ka yanke hukunci.

Mataki na 4: sa lambobin, kowacce a cikin baka tare da alamarta.

```
caja:    p = −(14)(4) = −56 W
rizista: p = +(2)(4)  = +8 W
batir:   p = +(12)(4) = +48 W
```

Bakar nan ba ado ba ce. Yanzu da lambobin duk fulos ne ba za ka ga amfaninta ba, amma nan gaba kaɗan za ka gani.

Mataki na 5: mayar da lambar magana. Caja ta sha wat −56, ma'ana tana bayar da wat 56. Rizista tana shan wat 8, shi ne zafin da kake ji a waya da jikin batir. Batir yana shan wat 48.

A nan ma akwai rami. Jimloli biyu ne daidai game da cajar: "ta sha wat −56" da "ta bayar da wat 56". Wanda ya rubuta "ta bayar da wat −56" ya juya maganar sau biyu, ya ce caja sha take yi. Sannan ka karanta kalmar tambayar da kyau. Idan an ce ka nemo pawar da batir ke bayarwa a wannan da'ira, amsar wat −48 ce, kuma babu laifi a cikinta. Al'adar da nake ba kowa shawara ya riƙe ita ce ya lissafa abin da aka sha ga kowane abu, ba tare da togiya ba, sai a layin ƙarshe ya juya alamar sau ɗaya idan bayarwa aka tambaya. Wanda ke lissafa sha ga rizistoci da bayarwa ga batura a takarda ɗaya yana rubuta shafi biyu a littafi guda, kuma ba da daɗewa ba zai manta wanne yake kai.

Mu sake yi da kibiya a juye

Wannan shi ne atisayen da ya fi kowanne amfani, domin shi ke cire tsoron zaɓen kibiya. A ce wani ya kalli zanen ya ce batir ai shi ke ba da wuta, sai ya zana kibiyarsa daga kan + na batir, ta bi rizista zuwa hagu, ta shiga kan + na caja. Bai yi laifi ba tukuna. Zai sa + na rizista a ƙafar dama, inda kibiyarsa ke shiga, ya zagaya:

```
12 − 0.5i − 14 = 0
i = −4 A
```

Karent ya fito mainos, wato a zahiri wutar tana tafiya saɓanin kibiyarsa. Abin da ya kamata ya yi yanzu shi ne ya bar zanen yadda yake, ya ci gaba da −4 ɗinsa. A caja kibiyarsa shiga take ta +. A batir fita take ta +. Boltej ɗin rizista, bisa shaidar da ya sa mata, (−4)(0.5) ne, wato bolt −2.

```
caja:    p = +(14)(−4) = −56 W
rizista: p = +(−2)(−4) = +8 W
batir:   p = −(12)(−4) = +48 W
```

Amsoshin ba su motsa ba ko kaɗan. Dubi layin batir: akwai mainos ɗaya a waje, ta zane, da wata a cikin baka, ta lamba. Wanda bai sa baka ba yakan ga mainos biyu kusa da juna ya ɗauka maimaici ne, ya share ɗaya, batir ya koma mai bayar da wat 48. Ɗalibin da na fara magana a kansa ta nan yakan faɗi.

Wani kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne gyara rabi. Mutum ya ga −4, ransa bai so ba, sai ya goge kibiyar ya juya ta zuwa hanyar gaskiya, amma ya bar −4 ɗin a lissafi. Yanzu ya gyara abu ɗaya sau biyu, ya koma inda ya fito. Zaɓi biyu ne kawai: ko dai ka bar kibiya ka bar mainos, ko ka juya kibiya ka mayar da lambar +4, kuma idan ka juya, sai ka sake duba + da − ɗin da ka ba rizista. Ni dai na fi son na farko, domin babu gogewa a cikinsa, kuma a da'ira mai rassa biyar ko shida gogewa ce ke haifar da ruɗani.

Boltej ma yana iya zuwa da mainos, kuma hukuncin bai canza ba. A ce an ba ka akwati rufaffe, kibiya tana fita ta +, an ce v bolt −6 ne, i amfiya 2. Zane ya ce ƙa'ida mai mainos, saboda haka p = −(−6)(2) = +12. Akwatin yana shan wat 12. Ba sai ka tsaya tunanin wane kai ne "ainihin" fulos ba, lissafin ya riga ya yi maka wannan tunanin.

Wasu littattafai ba sa zana + da −, sai su rubuta harafi biyu a ƙasan v da i. `v_ab` yana nufin boltej ɗin kan `a` idan an debe na kan `b`, wato + yana kan `a`. `i_ab` karent ne daga a zuwa b ta cikin abin. Idan jerin haruffan ya zo iri ɗaya, `v_ab × i_ab` ita ce pawar da aka sha. Idan ka ga `v_ab` tare da `i_ba`, mainos ta shigo.

Wanda ya fara koyon lantarki da tafiyar elektron, daga − zuwa +, sai ya kula sosai. Kibiyar da ke cikin wannan ƙa'ida ta karent ɗin al'ada ce, wanda ke bin tafiyar caji mai fulos. An kafa wannan al'ada tun kafin J. J. Thomson ya gano elektron a 1897, kuma injiniyoyi ba su canza ta ba. Idan ka zana kibiyar elektron ka yi amfani da ƙa'idar fasib a kanta, duk alamominka za su kife gaba ɗaya.

Sunan abu ba ya yanke hukuncin alamarsa

Zaton da ya fi wahalar cirewa daga kan ɗalibi shi ne cewa duk abin da ake kira tushen wuta dole bayarwa yake. Wanda ke da sola a gida ya san ba haka ba ne, ko da bai taɓa rubuta shi a lissafi ba.

Ɗauki fanel, batir mai bolt 12 da fanka, kowannensu an haɗa kansa ɗaya da wayar + ta sama, ɗayan kuma da wayar − ta ƙasa. Don sauƙi mu ɗauki fanel a matsayin tushen karent, fanka kuma rizista mai om 4, wadda ke jan 12 ÷ 4, wato amfiya 3. Kibiyar fanel tana fita ta +, ta fanka tana shiga ta +, ta batir kuma mu zana ta tana shiga ta +, mu bar ta a haka yini guda.

Da rana fanel yana turo amfiya 5 zuwa mahaɗar sama. Fanka ta ɗauki 3, saura 2 sun shiga batir.

```
fanel: −(12)(5) = −60 W
fanka: +(12)(3) = +36 W
batir: +(12)(2) = +24 W
```

Da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, fanel ya koma amfiya 1. Fanka tana nan tana jan 3, saboda haka karent ɗin batir ya zama 1 − 3, wato −2.

```
fanel: −(12)(1)  = −12 W
fanka: +(12)(3)  = +36 W
batir: +(12)(−2) = −24 W
```

Batir ɗin bai canza ba, boltej ɗinsa bai juya ba, zanen ma ba a taɓa shi ba. Alamar lamba guda ce ta juya, ta nuna cewa wanda ke sha da hantsi shi ke ciyar da fanka da yamma.

Tushen karent ya fi rikitarwa, domin tambaya takan ba ka amfiyarsa kawai, boltej ɗin da ke kansa kuma sauran da'ira ce ke ƙayyade shi. Wasu kan ɗauka sifili ne, wasu kuma kan sa masa + a bakin kibiyarsa su ɗauka lambar dole fulos ce. Ga misali: batir mai bolt 10, rizista mai om 3 da tushen karent mai amfiya 2 a zagaye guda, kibiyar tushen tana bin hanyar da batir ke tura wuta. Batir yana bayar da 10 × 2, wato wat 20. Rizista ta ci bolt 6, tana shan wat 12. Saura bolt 4 dole su faɗi a kan tushen karent ɗin, kuma ƙafar da karent ke shiga ita ce mafi boltej. Ashe tushen nan sha yake yi, wat 8. Aikinsa a wannan da'ira riƙe karent ne kada ya wuce amfiya 2, kuma riƙewar ce ke cin makamashi. Hanyar da ba ta ɓata ita ce ka ba shi boltej da ba a sani ba, ka sa + inda ka ga dama, ka nemo lambar da dokar zagaye ta Kirchhoff, sannan ka koma mataki na 3.

Yadda za ka kama kuskurenka da kanka

Ka tara pawar da kowane abu ya sha, tare da alamominsu. Dole jimillar ta zama sifili, domin abin da wani ya sha wani ne ya bayar. A da'irar caja, −56 + 8 + 48 = 0. A ta sola da rana, −60 + 36 + 24 = 0. Bernard Tellegen ya tabbatar da wannan a matsayin ƙa'ida ta gama-gari ga kowace da'ira a 1952, kuma sharaɗinta shi ne a auna kowane reshe da ƙa'idar alama iri ɗaya.

Idan jimillar ba ta zama sifili ba, kada ka fara lissafi daga farko. Raba abin da ya rage gida biyu. Idan alama ɗaya ce ta kife, rabin nan zai yi daidai da pawar abin da ke da matsalar. A ce ka sa wa batir −48 bisa kuskure: −56 + 8 − 48 = −96, rabinsa 48, kai tsaye ya nuna maka batir. Dalili shi ne juya alama yana matsar da lamba ninki biyu na girmanta, daga +48 zuwa −48. Idan rabin bai dace da kowa ba, wataƙila kuskuren a karent ko boltej yake, ko kuma alama fiye da ɗaya ce ta kife.

Sai dai wannan gwaji yana da makanta guda. Idan ka kife alamomin duka, kamar wanda ya bi elektron, za ka samu +56 − 8 − 48, kuma jimillarsu sifili ce. Saboda haka ake buƙatar gwaji na biyu: dubi rizistocinka. Pawar rizista `i² × R` ce, kuma ninka lamba da kanta ba ya ba da mainos. Rizista ba ta taɓa bayar da wuta, don haka duk inda ka ga mainos a pawarta, akwai kuskure, babu buƙatar wata muhawara. Kada ka faɗaɗa wannan hukunci zuwa kafasita da koyil. Su suna ajiye makamashi su mayar, saboda haka pawarsu ta wani ɗan lokaci tana iya zama mainos ba tare da an yi kuskure ba.

A kan mita da kan kwamfuta

Mita ma tana da nata + da kibiya, kuma wayoyinta ne ke ɗauke da su. Idan kana auna boltej, inda ka ɗora jar waya nan ne ka sa +. Idan kana auna karent, mita tana nuna fulos ne idan karent ya shiga ta jar waya ya fita ta baƙar da ke ramin `COM`. Don haka idan kana son mita ta faɗa maka ko batir sha yake ko bayarwa, ka cire wayar kan + ɗinsa, ka haɗa jar wayar mita da wayar da ta fito daga caja, baƙar kuma da kan + na batir. Yanzu kibiyar mita tana shiga + na batir, kamar yadda ƙa'ida take so: fulos caji ne, mainos zubewa. Ka fara tabbatar da cewa karent ɗin bai wuce abin da ramin zai iya ɗauka ba, wanda a yawancin ƙananan mitoci amfiya 10 ne, kuma kada ka taɓa ɗora mita a kan kawunan batir biyu tana saitin karent. Mitar matsewa mai auna karent na batir tana da kibiya ko alamar + a bakinta, idan ka juya ta a kan waya alamar lambar ma ta juya, don haka ka lura da inda ta fuskanta, kuma ka danna maɓallin mayar da ita sifili kafin ka matse wayar.

Manhajojin kwaikwayon da'ira na dangin SPICE suna bin ƙa'idar fasib ga kowa, har da tushen boltej, kuma wannan kan firgita mai fara amfani da su. Ga da'irar cajarmu:

```
* caja da batir
V1 a 0 14
R1 a b 0.5
V2 b 0 12
.op
.end
```

Sakamakon zai nuna `I(V1)` a matsayin −4, `I(V2)` kuma +4. Manhajar tana auna karent ɗin da ke shiga ta kan + na tushen, wato mahaɗar da aka fara rubutawa a layinsa. V1 ita ce caja, karent fita yake daga + ɗinta, shi ya sa lambar ta zo da mainos. Ka ninka kai tsaye ba tare da ƙara wata alama ba: 14 × (−4) = −56 ga caja, 12 × 4 = +48 ga batir, daidai da abin da muka samu da biro. Idan ka ga karent ɗin wata rizista ya zo da mainos a irin wannan manhaja, duba wace ƙafa ce aka fara rubutawa a layinta, domin daga ita kibiyar manhajar take tashi, kuma boltej ɗin da za ka ninka da shi dole a auna shi daga wannan ƙafar zuwa ɗayar.